Get, gulob, bol ko batafulai: wane bawul ya dace da wane wuri a layin ruwa?

Cikin zafin watan Afrilu wani Alhaji ya kira ni gonarsa da ke kan hanyar Ajiwa, wai ruwa ya ƙi ɗaukewa. Suna so su kwance bututun da ke hawa tanki daga sumo, wato injin turo ruwa da ke nutse cikin rijiya, su yi gyara, sun murɗa bawul har ya ƙure, amma ruwan da ke cikin layi yana ta bin ƙafafunsu. Da na isa na tarar da Baba mai gadi ya sa sifana a sitiyarin bawul yana ƙara matsewa.

Na ce, "Baba, dakata, kada ka karya sandar. Yaushe rabon da a buɗe bawul ɗin nan gaba ɗaya?"

Ya ce, "Wallahi tun bara, Malam. Idan aka sakar mashi duka rijiyar ke ƙafewa, sumo ya riƙa jan iska. Shi ya sa muka bar shi ɗan kaɗan."

A nan na san ciwon tun kafin in kwance. Bawul ɗin get ne na tagulla, mai inci 2. Da muka fiddo harshensa, gefen ƙasa ya cinye kamar an bi shi da zarto, ga wasu siraran layuka da ruwa ya yanka a jikin mazaunin, ga yashi cike da kwarmin da harshen ke sauka ciki. Bawul ɗin ba jabu ba ne. Aikin da ba nashi ba aka ɗora mashi shekara guda cur.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai sayen bawul ya riƙe kafin ya shiga kasuwa. Aiki biyu ne daban: akwai datse ruwa ruf domin a yi gyara ko a raba layi, akwai kuma rage ruwa a bar shi yana tafiya daidai yadda ake so. Mu a shago duk "kontorol" muke ce masu, mai saye ya ce a ba shi na inci 2, a miƙo mashi wanda ke kusa. Alhali yadda aka ƙera cikin kowanne shi ke faɗin aikin da zai iya. Sannan akwai magana ta uku da ba a cika lura da ita ba, wato ƙarfin ruwan da bawul ke ci ko da yana buɗe.

Abin da ke cikin kowanne

Get ƙofa ce mai sauka da tashi. Kana juya sitiyari, zaren sanda yana ɗaga wani harshe mai kamar bakin gatari har ya fice daga hanyar ruwa. Idan ka buɗe shi duka ka leƙa, za ka hango haske ta ɗaya gefen, rami sosai kamar bututu. Gulob kuwa ka san shi ko ba ka san sunansa ba, domin kan famfon tagulla na tsakar gida, wanda ake murɗawa ana canza mashi washa, ɗan gidansu ne. Cikinsa akwai bango, ruwa ya shigo ta ƙasa, ya yi kwana ya hau ta wani rami, ya sake kwana ya fita, marfi kuma yana sauka bisa ramin daga sama. Ba ka hango haske ta cikinsa, tumbinsa a kumbure yake, kuma akwai kibiya a jikinsa mai nuna inda ruwa zai bi. Da waɗannan ukun ake bambanta shi da get, don daga nesa sitiyarinsu iri ɗaya ne.

Bol ƙwallo ce da aka huda, tana zaune tsakanin zobba biyu na farar robar nan mai santsi da ake kira tefulon. Kwatan juyi ya buɗe, kwatan juyi ya rufe, kuma hannun shi ke ba da labari: idan ya bi tsawon bututu a buɗe yake, idan ya gitta a rufe yake. Batafulai faifai ne mai juyawa a kan sanda a tsakiyar hanyar ruwa, shi ma kwatan juyi ne, sai dai ko an buɗe shi duka faifan yana nan tsaye a tsakiya ruwa na bi ta gefe da gefe. Jikinsa siriri ne, ana matse shi da dogayen kusoshi tsakanin fulanji biyu, wato faya-fayen bakin bututu masu ramukan kusoshi.

Rage ruwa: lissafin gonar Alhaji

Kafin mu sayi komai sai da muka auna, kuma awon bai buƙatar na'ura. Durom mai lita 200 da agogon waya sun isa. Da muka cire bawul muka bar sumo ya yi yadda yake so, ya cika durom cikin daƙiƙa 60, wato lita 12,000 a awa. Bai yi minti ashirin a haka ba ruwa ya fara zuwa da tari da kumfa, alamar rijiya ba ta kawo abin da ake ja. Muka ɗaura geji mai auna matsin ruwa a bakin rijiya, muka riƙa ragewa muna jira, har muka sami inda sumo ya yi sama da awa guda ruwa na zuwa sumul. A nan durom yana cika cikin daƙiƙa 90, lita 8,000 ke nan a awa. Allurar geji kuma ta ƙaru da 1.5 a layin da aka rubuta `bar`, wanda ya yi daidai da tsayin ruwa kusan mita 15.

Ma'anar wannan ita ce, duk bawul ɗin da za a sa a wurin, aikinsa kullum shi ne ya cinye ƙarfin ruwa na mita 15. Ruwan da ke kutsawa ta ƙaramar kafa da irin wannan matsi yana fita da gudun da ya kai kusan mita 17 a daƙiƙa, alhali a cikin bututun kansa gudunsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Ka haɗa wannan gudun da yashin rijiyar rani, ka sami abin da ya yanka tagullar can.

Me ya sa get ya kasa? Domin raminsa babba ne ƙwarai, sai ka kusa rufe shi kafin ruwa ya san ana rage shi. Ka sauke harshen zuwa rabi, ka koma durom, da ƙyar za ka ga bambanci. Kafin ya ci mita 15 a wannan layin, buɗin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin takwas ba, 'yar kafa kamar jinjirin wata. A wannan wurin, ɗan taɓa sitiyari kaɗan sai ruwa ya ninka ko ya ɗauke, ba ka samun tsaka-tsaki. Harshen kuma a rataye yake, bai zauna a mazauninsa ba, ruwa na kaɗa shi yana bugun gefe. Idan ka ɗora tafin hannu a jikin get da aka bari haka za ka ji yana karkarwa, wani lokaci har da ƙara kamar ana kaɗa ƙusa a gwangwani. Fuskar da ke cinyewa kuwa ita ce dai fuskar da ake buƙata ran da za a rufe. Shi ya sa Baba ya matse har da sifana ruwa bai tsaya ba.

Bol ma ba ya jure wannan, ko da yake shi ne yanzu aka fi gani an bar hannunsa a karkace. Idan ƙwallon tana rabin buɗe, gefen zoben tefulon yana fitowa fili ruwa na dukansa kai tsaye. Roba ce mai laushi, yashi ya kafta ta sau ɗaya ta gama. Ƙari a kan haka, duk tafiyar hannun kwatan juyi ce, kuma a irin matsin nan 'yan digiri kaɗan ne ke aiki, ɗan akuya ya goga jikinsa saitin ya tashi. Na yarda mutum ya rage ruwan tiyo da bol na ɗan lokaci yana ban ruwan fulawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar shi haka wata da watanni a bakin sumo.

Gulob don wannan aikin aka yi shi. Marfinsa yana tashi a miƙe daga bakin ramin, kafar tana buɗewa daidai ta kowane gefe, kowane juyi na sitiyari yana ƙara ruwa kaɗan kaɗan yadda hannu zai iya bi. Sandar tana riƙe da marfin, ba ya rawa irin ta harshen get. Shi ma yana cinyewa, ba ƙarfen aljanu ba ne, amma idan ya ci sai ka kwance kansa yana nan a kan layi, ka canza washa ko marfi, ka goge mazauni, ka mai da.

Sai dai a nan ne ake yin kuskure na biyu, a ce tunda bututu inci 2 ne, gulob ma inci 2. Bawul ɗin rage ruwa ba da faɗin bututu ake zaɓensa ba, da ruwan da zai wuce da ƙarfin da zai ci ake zaɓe. Masu ƙerawa suna rubuta wata lamba a takardar kaya, `Kv`, wadda ke nufin mita kubik nawa na ruwa zai wuce a awa idan bawul ya ci `bar` ɗaya. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce. Lissafin na ruwa gajere ne, `Q` shi ne mita kubik a awa, `ΔP` kuma `bar` ɗin da bawul zai ci:

```
Kv = Q / √ΔP
Kv = 8 / √1.5 ≈ 6.5
```

Muna neman bawul da zai ba da 6.5 yana tsakiyar tafiyarsa, ba a bakin rufewa ba. Gulob mai inci 2, wanda za ka ga an zuba `DN50` a jikinsa, yakan kai wajen 40 idan an buɗe duka, don haka zai riƙa aiki a kashi ɗaya cikin shida na iyawarsa, ya yi kusa da ƙasa. Mai inci ɗaya da kwata yakan ba da wajen 16, saiti zai yi daɗi, amma da damina idan rijiya ta cika aka buɗe shi duka don a ja lita 12,000, zai ci fiye da mita 5 a banza. Mai inci ɗaya da rabi, `DN40`, yana wajen 25: da rani yana aiki a kusan kwatan iyawarsa, da damina kuma abin da zai ci bai wuce mita 2 da ɗan ɗori ba. Shi muka ɗauka, muka sa ridusa mai haɗa babban bututu da ƙarami gaba da baya. Lambobin nan suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka idan kwalin ya zo da takarda, tata za a bi.

Alhaji ya ce, "To Malam, ƙaramin bawul a babban bututu, ba zai shaƙe ruwan ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, shaƙewar muke nema. So muke ya shaƙe da hankali, inda za mu iya saita shi."

Akwai iyaka ga wannan dabara, kuma wajibi ne in faɗe ta. Rage ruwa da bawul ɓarnar wuta ce, sumo yana wahalar ɗaga mita 15 da ba ta kai ruwa ko'ina ba. Maganin asali shi ne sumo daidai da rijiya, ko na'urar rage gudun motar sumon, wadda yawancin akwatunan sola na yanzu suna da ita. Na gaya wa Alhaji ran da wannan sumon ya mutu a sayi ƙarami. Haka kuma ba a matse sumo fiye da kima, domin ruwan da ke wucewa ta jikin motar shi ke sanyaya ta. Ƙananan famfunan sola masu sanda murɗaɗɗiya a cikin roba kuwa ba a rage su da bawul sam, don su turo ruwa suke ko ta halin ƙaƙa, matsi zai yi ta hawa har wani abu ya ba da kai. Ga masu injin ban ruwa na fadama, ragewa a bakin fita ake yi, ba a tiyon zuƙa ba. Ka shaƙe bakin zuƙa, za ka ji injin yana ƙara kamar yana niƙa tsakuwa, kumfar tururi ce ke fashewa a jikin farfela tana cin ta.

Ƙarfin da bawul ke ci yana buɗe

Ganin gulob ya yi kyau a bakin rijiya, yaron Alhaji mai kula da gonar ya kawo shawara a sa irinsa a ƙasan tanki da kan kowane layin fili, tunda ana gyara shi. Nan na ƙi, kuma dalilin yana cikin kwana biyun da ruwa ke yi a tumbinsa.

A bututu mai inci 2 da ke ɗauke da lita 12,000 a awa, gudun ruwa mita 1.7 ne a daƙiƙa. A wannan gudun, bol mai cikakken rami yana cin kusan santimita ɗaya na tsayin ruwa, get buɗaɗɗe wajen santimita 3, batafulai wajen santimita 15 saboda faifan da ke tsakiya. Gulob buɗe har ƙarshe yana cin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan aka auna da tsawon bututu, gulob ɗaya mai inci 2 tamkar ka ƙara bututu mita 17 ne a layin, get kuwa bai kai rabin mita ba.

Ko mita ɗaya asara ce ko ba asara ba, ya danganta da abin da ke hannunka. A gefen sumo, inda ake ɗaga ruwa mita hamsin ko sittin, ba a jin ta. A gefen tanki labari ya sha bamban. Tankin Alhaji mita 6 yake daga ƙasa, wannan mita 6 ita ce duk jarin da ruwa ke da shi don ya bi bututu, ya ratsa matata, ya isa ƙarshen tiyon ɗigo a fangalin tattasai na can ƙurya. Ka sa gulob a ƙasan tanki, ka sa wani a kan layi, ka ba da mita 2 zuwa 3 tun ruwa bai taɓa gona ba. Alamar da za a gani ita ce shukar da ke kusa da tanki ta yi shar, ta ƙarshen layi tana yaushi da rana, a yi ta zargin tiyo ya toshe. Kuma asarar ba a miƙe take hawa ba: idan ruwa ya ninka biyu, abin da bawul ke ci ninka huɗu yake.

A kan bol akwai tarko. Da yawa daga masu araha raminsu bai kai faɗin bututu ba, an rubuta inci 2 amma ƙwallon ta inci ɗaya da rabi ce. A famfon gida ba komai, a layin tanki mai ƙaramin matsi kuwa ana ji. Ka buɗe shi a shago ka leƙa, ko ka zura ɗan guntun bututu ka gwada faɗin. Wanda raminsa ya cika ya fi nauyi a hannu, ya fi tsada kuma.

Datsewa: bol ko get?

Daga inci 2 zuwa ƙasa, ni bol nake ɗauka, ba na ɓoyewa. Yana rufewa ɗam, ƙwallon tana share mazauninta duk juyi, kuma ko daga nesa mai gona ya san a buɗe yake ko a rufe. Ƙaramin get na tagulla yana da cututtuka biyu da na gaji da gani. Na farko yashi ya taru a kwarmin ƙasa, harshe ya kasa sauka, a yi ta matsewa. Na biyu zaren sanda ya cinye, harshe ya faɗi ciki, sitiyari na juyawa sakayau ruwa bai zuwa, kuma daga waje ba mai gane abin da ya faru. Wanda ke da get a layinsa ya riƙa motsa shi duk wata biyu ko uku, idan ya buɗe har ƙarshe ya mai da kwatan juyi baya don kada ya ƙame, idan kuma ya ga ɗigo ta wuyan sanda ya ɗan matse notin da ke wurin, sau da yawa shi ke nan.

Amma saurin bol shi ne haɗarinsa. Ruwan da ke gudu nauyi gare shi, idan ka tsayar da shi farat ɗaya sai ya daki bututu, ka ji "gum" har tanki ya amsa. A bututun roba irin na `PVC`, tsayar da ruwa mai gudun mita 1.7 nan take yana iya ƙara matsi kusan `bar` 7 a kan wanda ke ciki, a bututun ƙarfe kuwa ya kusa ninka wannan sau uku. Layin Alhaji daga rijiya zuwa tanki mita 150 ne, bugun yana zuwa ƙarshensa ya dawo cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, don haka duk rufewar da ta fi wannan sauri tana kawo bugu cikakke. Bututu mai `PN6` ko `PN10`, wato wanda aka yi don `bar` 6 ko 10, idan rana ta riga ta gasa shi ba ya shan wannan sau da yawa, gwiwa ko soket ne ke fara tsagewa. Na koya wa Baba ya riƙa ƙirga ɗaya zuwa goma a hankali yana jan hannun, kuma a layin sumo a kashe wuta tukuna kafin a taɓa bawul. Get ba ya da wannan matsalar, juyin da yake buƙata shi ke tilasta ma haƙuri. Shi ya sa a dogayen layuka masu faɗi, irin waɗanda ke kawo ruwa gari daga madatsa kamar ta Ajiwa, get ke da daraja, musamman na ƙarfen zubi mai harshe lulluɓe da roba, wanda ƙasansa shafe yake ba kwarmin tara yashi, kuma ana iya binne shi a riƙa juyawa da dogon makulli daga sama.

Bol na roba mai jan hannu yana da wurinsa a layin ɗigo da wurin da ake zuba taki a ruwa, don ba ya tsatsa. Ranar Katsina ce ba ya so. Shekara ɗaya ko biyu a fili hannun ya yi fari ya ƙame, ran da aka ja da ƙarfi ya ɓalle. A yi mashi ɗan akwati na bulo ko a kifa mashi tsohon bokiti.

Inda batafulai ke shigowa

A gonar Alhaji wuri ɗaya ya samu, babban bututu mai inci 4 da ke fita daga tanki kafin ya rabu. Daga inci 3 zuwa sama bol yana yin tsada da nauyi, hannunsa yana tauri, get na ƙarfen zubi kuma sai mutum biyu sun ɗaga. Batafulai mai inci 4 da hannu ɗaya za ka ɗauke shi, kuɗinsa bai kai nasu ba, yana rufewa da kyau a kan robar da ke zagaye da cikinsa, kuma a babban bututu da ruwa ke tafiya a hankali abin da faifan ke ci ba abin damuwa ba ne.

Yana kuma iya rage ruwa, amma da sharaɗi. Hannunsa yana da faranti mai haƙora da ke riƙe shi inda aka aje, kuma yana jin magana tsakanin digiri 30 zuwa 70 na buɗewa. Ƙasa da haka kafar ta yi siriri, ruwa yana yankar robar gefe, sama da haka kuma ko ka ƙara ba abin da ke canzawa. Don haka ya dace da raba ruwan tanki tsakanin fili biyu, inda bambancin matsi mita ɗaya ne ko biyu. Bai dace da bakin sumo mai cin mita 15 ba, nan zai koma can ƙasan tafiyarsa ya yi ta ƙara har robar ta yage.

Wajen ɗaurawa ake kashe shi. Faifan ya fi jikin bawul faɗi idan ya buɗe, yana leƙawa cikin bututu gaba da baya, don haka idan bututun mai kauri ne ko fulanji ya karkace, gefen faifan zai daki bango. A sa shi yana ɗan buɗe kaɗan, a ɗaura kusoshi sako-sako, a buɗe shi duka a tabbatar yana juyawa ba ya taɓa komai, sannan a matse kusoshin ɗaya nan ɗaya can. Ba a ƙara mashi gasket, robar jikinsa ita ce gasket ɗin. A ruwa mai yashi a kwantar da sandar a gicciye maimakon a tsaye, don kada yashi ya taru a gindinta. Irin wanda ake matsewa tsakanin fulanji biyu kuma ba a barinsa a ƙarshen layi, domin ran da ka kwance bututun gaba, bawul ɗin ma ya saki. Idan ana son kwance gefe ɗaya ruwa na riƙe a ɗayan, sai a nemi mai kunnuwa masu zare, wanda kowane gefe ke da kusoshinsa. Mai son sa shi a layin gas ɗin janareto ko mai ya duba rubutun robar: `EPDM` ta ruwa ce, mai yana kumbura ta, `NBR` ita ke jure mai.

Yadda muka bar layin

A bakin rijiya muka jera su haka: geji, bawul mai hana ruwa komawa, gulob mai inci ɗaya da rabi kibiyarsa na kallon tanki, sannan bol mai cikakken rami na inci 2, da yuniyon a tsakani don a iya fidda kowanne ba a yanka bututu ba. Alhaji ya tambayi dalilin bawul biyu a wuri ɗaya, na ce gulob na saiti ne, ba a taɓa shi, bol kuma na rufewa ne ran gyara, yana tare ruwan da ke cikin dogon layin kada ya dawo kan mai aiki. Idan aka ce gulob ya yi duka biyun, duk ran da aka rufe saitin ya ɓace, sai an koma durom da agogo. A ƙasan tanki batafulai mai inci 4, a kan kowane layin fili bol na roba cikin akwatin bulo.

Bayan mun saita gulob durom ya koma cika a daƙiƙa 90, na sa jan fenti a fuskar geji daidai inda allura ta tsaya, na kwance notin sitiyarin na cire shi na miƙa wa Baba.

Na ce, "Baba, wannan a aljihunka zai zauna. Idan ka ga allura ta fara rawa tana faɗuwa tana tashi, rijiya ta ƙara yin ƙasa, ka kashe sumo ka kira ni. Idan ruwan sama ya zauna sosai, wajen Agusta, za mu zo mu buɗe mashi mu sake aunawa."

Ya juya sitiyarin a hannunsa, ya ɗaure shi da igiya tare da makullin ɗakin janareto. A tsakiyar Mayu ya kira, allura ta fara rawa da la'asar. Muka ƙara rufe gulob rabin juyi, durom ya koma daƙiƙa 100, ruwa ya daidaita har saukar damina.